Ogana ya ce in sa hannu a kan buhu 600, ni kuwa 588 na ƙirga

Nura: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma da gaggawa, domin gobe da safe zan koma wurin. Watana huɗu da fara aiki a siton wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Oregun, ni ne ƙarami a ofishin, ni ke karɓar kaya in rubuta. Yau da la'asar tirela ta kawo sukari, webil, wato takardar da ke rako kaya, ya nuna buhu 600 mai kilo 50. Da aka gama saukewa na ƙirga, 588 na samu. Na faɗa wa shugaban sito, ya ce in rubuta 600 a takardar karɓar kaya in sa hannu, wai za su daidaita da masu kawowa daga baya. Na ce masa ƙirgana bai kai ba. Sai ya ɗaga murya, ya ce shekararsa goma sha ɗaya a siton nan, yaron da ya zo jiya ba zai koya masa ƙirga ba. Na ce "to", na mayar da takardar cikin durowa ban sa hannu ba, na taho gida. Buhu a takarda naira 80,000 ne, sha biyu sun kama 960,000. Albashina 120,000. Tun da na sauka a Agege na kasa cin abinci. Idan na sa hannu ina tsoro, idan na ƙi ina tsoro, kuma har yanzu ina cikin watannin gwaji.

Kabiru: Wa alaikumus salam. Kada ka sa hannu, ko da wasa. Gobe ka wuce kai tsaye wajen manaja ka zayyana masa komai. Kafin nan ka kunna wayarka a aljihu ka sake yi wa ogan maganar, ya maimaita abin da ya ce, ka naɗi muryarsa. Irin waɗannan mutanen da direbobi suke haɗa baki, ranar da odita ya zo kai za a riƙe. Kuma ka sani doka ta hana a cire wa ma'aikaci ko kwabo daga albashinsa, saboda haka kada a tsorata ka da wannan.

Alhaji Ɗan'azumi: Kabiru ka cika zafi. Yaro wata huɗu da samun aiki a garin nan, ka ce ya haye kan ogansa? Mu a Mile 12 kullum ana haka: kaya ya zo da giɓi, a rubuta cikakke, mota ta gaba a cike. Amana ce tsakanin mutane. Nura, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Ka sa hannu ka roƙi Allah, babba ya san abin da yake yi.

Baba Isa: Alhaji, a kasuwa dukiyarka ce, idan ka yafe buhu sha biyu kai ka yafe. Yaron nan dukiyar wani yake tsaro, kuma sa hannunsa shaida ce cewa ya ga 600 da idonsa. Na yi shekara ashirin da shida a sito tsakanin Apapa da Ijora, ban taɓa ganin odita ya tambayi wanda ya ce a sa hannu ba. Wanda ya sa hannun yake nema.

Amma Nura ɗana, kafin mu yi maganar ogan, bari in fara da kai. Yaya aka yi ka ƙirga? Kana tsaye a bakin mota tun buhun farko har na ƙarshe, ko sai da aka jera ka bi jeri? Kuma a ina ka faɗa masa ƙirga bai kai ba, su wa ke wurin?

Nura: Baba, a kan katako muke jerawa, buhu biyar a shimfiɗa, shimfiɗa takwas, kowane katako 40 ke nan. Na samu katako 14 cikakku, 560, na sha biyar ɗin kuma 28 ne a kai. Ban tsaya tun farko har ƙarshe ba gaskiya, an kira ni ofis in buga wata takarda, na yi kamar minti ashirin. Maganar kuma a bakin mota na yi ta, ga direba, ga yaron mota, ga leburori wajen takwas.

Baba Isa: To ga abubuwa biyu da za mu gyara.

Na farko, ƙirganka bai gama nuna ba tukuna. Minti ashirin ba ka wurin, a cikin minti ashirin leburori takwas suna iya sauke buhu da yawa. Abin da ka sani tabbas shi ne akwai 588 a kan katako, ba ka san abin da ya sauka daga mota ba. Gobe ka riga kowa zuwa. Ka bi katakan nan ɗaya bayan ɗaya, kada ka ƙirga shimfiɗa daga gefe ɗaya kawai, ka zagaya, domin lebura in ya gaji yakan yi shimfiɗa tara a wani ya yi bakwai a wani. Sannan ka duba jikin bango da bayan ƙofa. A duk siton da na yi aiki, buhun da ya fashe ko ya jiƙe ba a hawa da shi jeri, gefe ake jingine shi a jira ɗinki. Ka tambayi shugaban leburori buhu nawa suka sauke, domin su da buhu ake biyansu, ba sa mantawa da lissafinsu. Idan siton na da sikelin mota, ka nemi tikitin: buhu 600 kilo 30,000 ne, 588 kuma 29,400. Sikeli yakan yi ɗan sama da ƙasa, amma ba ya ɓatar da kilo 600.

Na biyu, wurin da ka yi maganar. Ka gaya wa mutumin da ya shekara goma sha ɗaya cewa lissafi bai yi ba a gaban direba da leburorin da yake ba umarni kullum. Ko da ya san kai ke da gaskiya, a wannan wurin ba shi da hanyar ja da baya. Ban ce ya kyauta ba. Ina nuna maka ne cewa rabin tsawar da ya yi maka ta mutanen da ke tsaye ce, ba ta buhu ba.

Hajiya Maryam: Ina sashen kula da ma'aikata a wani kamfani a Ikeja, irin wannan ƙarar takan zo teburina. Baba Isa ya faɗi gaskiya, amma akwai na uku da ya fi damuna: kalmar "to". Nura, mu a gida yaro in ya ce wa babba "to" ya sunkuyar da kai, kowa ya san yana iya nufin na ji, ba lallai na yarda ba. A ofis a Legas ba haka ake fassara ta ba. Yanzu haka ogan nan ya kwana da sanin ka amince. Gobe in ya buɗe durowa ya ga takarda babu sa hannu, ba zai ce yaron nan yana da ladabi ba, cewa zai yi ka yaudare shi. Na sha ganin yaranmu 'yan Arewa sun faɗa wannan ramin: kunya ta hana su cewa a'a a fili, sai su yi shiru su ƙi aikatawa, daga baya a rubuta musu takardar tuhuma kan ƙin bin umarni. Saboda haka kada ka bari shi ya gano. Kai za ka same shi.

Kabiru kuma, maganar doka ba haka take ba. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cire kuɗi barkatai, amma ya bar ƙofa: idan asarar ta faru ne saboda sakaci ko gangancin ma'aikaci, ana iya cirewa daidai gwargwado, da sharaɗin jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya ba zai wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan ba. A albashin Nura 40,000 ke nan. Ka raba 960,000 da 40,000, shekara biyu cur yana biya. Wannan ma idan an bi doka. Da yawa ba sa tsayawa neman wani jami'i.

Kabiru: Na karɓi gyara a kan dokar, Hajiya. Amma maganar manaja fa? Idan ogan da kansa ne ɓarawon, zuwa wurinsa a keɓe ba ba shi damar shirya ƙarya ba ne?

Hajiya Maryam: Tambayar farko da manaja zai yi masa ita ce: ka yi magana da shugabanka? Idan ya ce a'a, an daina maganar sukari, an koma maganar yaron da ke tsallake na gaba da shi. Naɗar murya a ɓoye kuwa, ko ta yi masa amfani yau, daga ranar babu wanda zai ƙara sakin baki a gabansa a kamfanin, har manajan. Kuma Nura bai ga sata ba. Giɓi ya gani. Kada a sa masa a baki abin da ba zai iya tabbatarwa ba.

Sadiya: Ni dai tambayata, ogan nan wane yare ne? Domin abin da ake yi mana a garin nan ya isa. Da zarar sun ga Bahaushe sai su ɗauka bai san komai ba. Ni a makarantar da nake koyarwa a Idi-Araba, shekara biyu ana ba ni ajin da kowa ya ƙi, na yi magana aka ce ba ni da haɗin kai.

Nura: Anti Sadiya, Allah ya kawo miki mafita. Amma gaskiya ban ga alamar haka a nan ba. Shi ya koya mini cike katin sito da hannunsa, ranar Juma'a ma shi ke tsare mini teburi in je masallaci. Abin da ya sa abin ya fi yi mini ciwo ke nan.

Baba Isa: Wannan da ka faɗa yana da amfani, ka riƙe shi. Mutumin da ya zauna ya koya maka aiki ba abokin gaba ba ne, kuma akwai dalilai da yawa da ke sa shugaban sito ya ce a rubuta cikakke ba tare da ya ci ko ƙwaya ba. Rubuta giɓi aiki ne: sai an tsayar da direba, a kira masu kawowa, a jira su aiko da takardar rage kuɗi, akanta ya riƙe biya. La'asar ta yi, mota na son fita kafin hanya ta cushe. Wani kuma sun saba da masu kawowar, ya san in ya buga waya za a ɗoro masa a mota ta gaba. Sau tara abin ya tafi daidai. Na goman ne ake canja manajan can, ko a zo ƙirgar ƙarshen wata kafin motar ta iso, sai a buɗe fayil a ga sunan ƙaramin ma'aikaci.

Ga yadda zan yi in ni ne kai. Bayan ka sake ƙirga, ka rubuta a 'yar takarda: katako kaza, kowane buhu kaza, fasassu kaza, jimilla kaza, da lambar mota da lambar webil. Ka jira ya shigo ya zauna, ya ajiye jaka, ka gaishe shi kamar kullum. Kada ka tare shi a ƙofa. Ka ce kana son minti biyar, ku biyu. Ka fara da naka laifin, domin kana da shi: jiya ka yi magana a gaban mutane, bai kamata ba, kuma ka bar bakin mota. Daga nan ka miƙa masa takardar ka ce, "Oga, na sake bi da safe, ga abin da na samu. Ina roƙon ka zo mu duba tare, wataƙila akwai inda na tsallake." Ka lura, ba ka ce ya yi kuskure ba, ba ka ce ba za ka sa hannu ba. Ka kira shi ne ya zo ya ga buhu. Mutum yana iya musu da yaro, amma da wuya ya tsaya gaban katako mai 28 ya ce 40 ne.

Idan kun ƙirga tare ya ga haka, kada ka tsaya kana jiran ya ce ka yi gaskiya, ba zai faɗa ba, kuma ba ka bukata. Ka kawo masa mafita nan take: a rubuta abin da aka karɓa, a ƙasa a sa "saura buhu kaza, ana jira", ranar da suka iso a buɗe musu tasu takardar. Haka shi ma abin da ya yi alkawari da masu kawowa bai lalace ba.

Nura: Idan kuma ya ƙi zuwa, ya ce shi dai in sa hannu?

Baba Isa: Sai ka faɗi magana ɗaya, da murya ƙasa, kana kallonsa: "Oga, zan sa hannu a kan abin da na ƙirga. Idan 600 za a rubuta, ina roƙon ka sa naka hannun." Ka yi shiru daga nan. Kada ka ƙara da wa'azi, kada ka ce haram ne, kada ka ambaci manaja. A shekarun da na yi, mafi yawansu a nan suke tsayawa, domin wanda ya tabbata kaya za su zo ba ya jin nauyin sa hannunsa, wanda bai tabbata ba kuma ya gane ka gane.

Hajiya Maryam: In ƙara a kan na Baba. Duk yadda kuka ƙare, ka tura masa gajeren saƙo a rubuce a ranar, ta imel ɗin ofis in kuna da shi, in babu ta WhatsApp. Ba ƙorafi ba, tuni kawai: mota lamba kaza, webil 600, an samu kaza, kamar yadda muka yi magana da safe. Shi kaɗai za ka tura wa, kada ka saka manaja a ciki a karon farko, domin yin haka kamar kai ƙara ne. Idan ya matsa duk da haka, to a nan ne za ka hau sama, kuma ka gaya masa kafin ka tafi: "Tunda mun kasa daidaitawa, ina ganin mu kai wa manaja ya raba mana." Ka ce mu, kada ka ce zan.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙanena, hakan na iya jawo maka. Wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, sashe na 11 notis ɗin mako ɗaya kawai ya ba shi, sai dai in takardar ɗaukarka ta faɗi fiye da haka. Ka duba ta yau da dare. In ma ba a ba ka ba, sashe na 7 ya ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku, ka nema cikin ladabi bayan wannan ƙurar ta lafa. Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana nan Ikoyi, akwai kuma cibiyar sasanci ta Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Legas da ke sauraron irin wannan kyauta. Amma ba na fatan buhu sha biyu su kai ka can.

Garba Direba: Tun ɗazu ina karantawa, kowa na maganar Nura da ogansa, babu wanda ya tuna da direba. Shekarata goma sha huɗu ina jan tirela. Kun san in aka rubuta giɓi wa ake cire wa? Mu. Kuma sau da yawa ba mu ga lodin ba, ana loda mota muna waje, a ɗaure tamfol a miƙo mana takarda. Direban nan ya tafi ɗazu da sanin an karɓi kaya lafiya. Gobe a bi shi da giɓin sha biyu da ba a ƙirga a gabansa ba? In ya ce a sitonku suka ɓata, wa zai ƙaryata shi? Ba na cewa Nura ya yi ƙarya. Amma adalci shi ne a ƙirga direba na tsaye, a rubuta giɓin a jikin webil, shi ma ya sa hannu kafin ya tayar da mota.

Baba Isa: Malam Garba, ba ni da ja a kan wannan. Haka ƙa'idar take, kuma da an yi haka ɗazu da ba mu zauna nan ba. Nura, wa ya sa hannu a kofin webil ɗin da direba ya tafi da shi?

Nura: Oga ne ya sa, ya buga hatimi. Ban ga ko ya rubuta wani abu a jiki ba.

Baba Isa: To ka ga dalilin zafinsa. Ya riga ya sallami mota da hannunsa, takardarka in ta nuna giɓi ta saɓa wa tasa. Wannan ya ƙara nuna maka ka shiga da taushi, domin mutumin a matse yake. Amma bai canja abin da za ka sa wa hannu ba.

Alhaji Ɗan'azumi: Ni har yanzu ina ganin kuna ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa. Ku kuna da shekaru da suna, in kun ce a'a ana saurara. Shi in an kore shi, cikinmu wa zai biya masa haya? Allah dai ya sa a dace.

Hajiya Maryam: Amin, Alhaji. Tsoronka gaskiya ne, ba na raina shi. Ni abin da na gani a teburina shi ne, wanda aka sallama saboda ba su jitu da oga ba yana samun wani aikin. Wanda aka sallama da giɓin kaya a kan sa hannunsa, labarin yakan riga shi isa duk siton da ya nufa.

Nura: Assalamu alaikum. Na dawo da bayani, yanzu aka tashi cin abinci. Na isa bakwai saura, na sake bi kamar yadda Baba ya ce. Katakan suna nan yadda na ƙirga, amma a bayan ƙofar baya na samu buhu huɗu fasassu an jingine, an rufa musu leda. A lokacin da na tafi ofis aka ajiye su. Shugaban leburori ya ce 592 suka sauke, a kan haka ma suka yi lissafin kuɗinsu. Ashe giɓin takwas ne, ba sha biyu ba. Da na je wa manaja da 588 jiya, da yau ni ke jin kunya.

Na same shi shi kaɗai, na ba shi haƙuri kan maganar bakin mota, na ce kuma ƙirgana na jiya da kuskure, ga na yau. Ya daɗe yana kallon takardar. Bai zo mun ƙirga ba, shugaban leburori ya kira ya tambaya, shi ma ya ce 592. Sai ya ce in rubuta 600 ɗin dai, takwas ba komai ba ne, Litinin za a kawo. Gabana na faɗuwa na faɗi maganar da Baba ya koya mini. Ya yi shiru, ya fita waje ya yi waya kamar minti goma. Da ya dawo ya ce in rubuta 592, huɗu a ciki fasassu, saura takwas. Na rubuta, na sa hannu, shi ma ya sa a ƙasa. Na tura masa saƙon, ya karanta bai amsa ba. Tun safe dai bai ƙara yi mini magana ba, ko aike sai ya bi ta kan wani.

Kabiru: Alhamdu lillahi. Amma ni wayar nan ta minti goma ba ta kwanta mini ba. Da wa ya yi magana, kuma me ya sa sai a waje? Buhu takwas naira 640,000 ne fa. Ka buɗe ido.

Baba Isa: Wataƙila da masu kawowa, wataƙila da wani. Ba mu sani ba, Nura ma bai sani ba, kuma ba aikinsa ba ne ya bincika. Abin da zai nuna shi ne maimaituwa. Idan Litinin takwas suka iso, magana ta mutu. Idan ba su iso ba, kuma aka sake samun giɓi daga mota ɗaya ko direba ɗaya, sannan a sake zama.

Ɗana, shirun da yake yi maka ka bar shi ya yi. Ka gaishe shi da safe kamar da, in ya sa ka aiki ka yi da wuri, kada ka bi shi da ƙarin ban haƙuri, kada kuma ka ba kowa labarin a siton, ko wanda kuke cin abinci tare. In labarin ya zagayo ya same shi cewa yaro ya kayar da oga, abin da ka gyara da safe ya rushe. Bayan kwana biyu ka je masa da wata tambaya ta aiki wadda da gaske ba ka sani ba, ya koya maka.

Garba Direba: To direban fa? Takardarsa ta ce an karɓa, taku ta ce saura takwas. In kamfanin da ya loda ya ce shi 600 ya fitar, a wuyan wa za su faɗa?

Hajiya Maryam: Wannan tsakanin kamfanonin biyu ne da mai motar, Malam Garba, kuma ban ce za a yi masa adalci ba. Abin da Nura zai iya shi ne in an tambaye shi ya faɗi gaskiya duka, har da cewa ba a ƙirga a gaban direba ba, kuma shi kansa ya bar wurin na minti ashirin.

Nura: Zan faɗa in an tambaye ni, in sha Allah, ko da zai rage mini daraja. Malam Garba, abin ya tsaya mini a rai ni ma. Baba, Litinin akwai mota biyu, ta sukari da ta fulawa, kuma na san za a sake kirana ofis ana tsakiyar sauke kaya, domin ni kaɗai ke buga takardu. Yaya zan yi in ƙi tashi ba tare da ya zama wata sabuwar rigima ba?

Baba Isa: Kada ka jira sai an kira ka. Gobe Asabar in kuna fita rabin rana, ka tambaye shi takardun da za a bukata Litinin ka buga su tun kafin mota ta iso. In duk da haka kira ya zo, ka tsayar da leburori, ku haɗa lamba da yaron mota, ka rubuta ta a bayan webil ya gani, sannan ka tafi. Za su yi gunaguni domin kana cinye musu lokaci, ka saya musu ruwan leda. Kuma ka zo da littafinka na kanka, ƙarami mai shiga aljihu, duk buhu goma ka ja layi.

Garba Direba: In direban nan ne ya dawo, ka kira shi gefe ka gaya masa abin da aka rubuta, kada ya fara ji daga bakin mai mota.

Nura: To Malam Garba. Wannan "to" ɗin ta yarda ce, zan gaya masa.